Burin sifirin na biyan kuɗi ta waya: wace jimla zan kai taro?

Sabon Jagora: Salamu alaikum. Ranar Litinin za mu yi taron tsara sifirin, wato zangon aikinmu mai tsawon mako 2. Mu 6 ne, muna gina biyan kuɗi da kati a manhajarmu ta waya. Oga ya turo min wannan a matsayin buri: "Kammala tikiti 14 na biyan kuɗi: kati, mayar da kuɗi, da rasit." Ni kuma na rubuta: "Kwastoman da ya ajiye katinsa zai iya biyan oda ɗaya daga farko har ya ga rasit." Wanne zan kai? Har yanzu a `sandbox`, wato wurin gwaji na kamfanin da ke karɓar mana kuɗi, muke, ba a ba mu makullin aiki na gaske ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Naka za ka kai. Na oga jerin aiki ne, kuma amfanin buri shi ne ya raba muku gardama ran da lokaci ya ƙure. A ce ranar Laraba ta mako na biyu tikiti 5 sun rage. Da jimlarka, kowa ya san mayar da kuɗi ne zai jira, don ba ya kan hanyar mai biya. Da ta oga, babu mai iya cewa wanne za a ajiye, duk 14 ɗin darajarsu ɗaya. A Scrum Guide na 2020, na Ken Schwaber da Jeff Sutherland, buri ɗaya ake so, kuma ana iya sake ciniki da furodak ona, wato mai tsara abin da za a fara ginawa, a kan yawan aikin muddin burin bai taɓu ba. Sai dai ka ƙara inda abin zai faru. Rubuta "a `sandbox`" ƙarara, in ba haka ba oga zai zo bita yana jiran kuɗin gaske.

Ɗan Autan Ofis: Yaya, mu sifirin ɗin mako 1 muke yi, ya fi sauƙi wallahi. Ku rage naku kawai.

Mai Gwaji: Jagora, jimlarka irin tamu ce sak, kuma ita ta ƙone mu. A inda na yi aiki da, mun rubuta cewa kwastoma zai iya biya ya ga rasit. Muka nuna a ofis da intanet mai ƙarfi, aka tafa. Da aka saki, ga abin da ya faru: mutum ya danna maɓallin biya, buƙatar ta isa saba, an cire kuɗin, amma kafin amsa ta dawo sabis ɗin wayarsa ya ɗauke. Manhaja ta jira daƙiƙa 30 ta rubuta masa cewa biyan bai yiwu ba. Me zai yi? Ya sake dannawa. An cire masa sau biyu. Yadda muka gano shi ne layuka biyu a rajista, oda ɗaya, adadi ɗaya, tazarar ƙasa da minti guda. Kwana uku ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi ci min rai, na buɗe tikiti a kan wannan tun ranar farko, aka ce ba ya cikin buri, a bar shi sai gaba. Da ta fashe kuma, ni aka kira aka ce ina gwaji yake. Har yau in na tuna raina na ɓaci.

Injiniya: Allah ya huci zuciyarki, Malama. Maganinsa sananne ne: manhaja ta ƙirƙiri lamba ɗaya ga kowane yunƙurin biya, ta riƙa tura ta duk lokacin da aka sake gwadawa.

```
POST /payments
Idempotency-Key: order-4821-a1
```

In saba ta ga lambar a karo na biyu, sai ta dawo da sakamakon farko, ba ta sake cire kuɗi ba. Kuma in amsa ba ta zo ba, manhaja ta nuna ana jira, wato `pending`, har a tabbatar. Shiru ba ya nufin biyan ya faɗi. Amma wannan wurinsa sharuɗɗan karɓar tikiti, ba cikin buri ba.

Mai Gwaji: A'a, Injiniya. A sharuɗɗan tikiti namu yake, kuma can aka binne shi. Abin da ke cikin buri shi ake tambaya kullum a taron safe na minti 15. Ni da zan rubuta masa:

"Kwastoman da ya ajiye katinsa zai biya oda ɗaya a `sandbox`, a cire masa sau ɗaya tak ko da sabis ya ɗauke ana tsakiyar biya, kuma ya ga halin da kuɗinsa ke ciki."

Injiniya: Ta yi tsawo. Burin da mutum ba zai iya faɗa da ka ba, babu mai tuna shi.

Tsohon Hannu: Ku yi haƙuri, shekarata 9 ina wannan aiki, buri sai da lamba. Ya sa "kashi 99 cikin 100 na biya su yi nasara." Abin da ba a auna ba, ba a cimma shi ba.

Mai Gwaji: Malam, 99 na me? A `sandbox` yake. Katunan gwaji ne, kai ke zaɓar wanda zai wuce da wanda za a ƙi. Ko 100 kake so za ka samu. Lambar da za ta yi masa amfani ita ce: a katse intanet ana tsakiyar biya sau 20, a ƙirga sau nawa aka cire kuɗi biyu, amsar ta zama sifili.

Tsohon Hannu: Mu 95 muka sa a bara kuma ya yi mana aiki. Wanda bai taɓa jagorantar tawaga ba ya bar masu yi su yi magana.

Mai Gwaji: Yanzu ka ce 99. Kuma wanda ya kwana yana mayar wa mutane kuɗinsu yana da bakin magana.

Ɗan Autan Ofis: Ni burina na wannan sifirin: a tashi taron safe kafin ƙafata ta sage.

Sabon Jagora: Na gode duka. Malama, na ɗauki taki, amma zan yanke ƙarshenta in mayar da shi tikiti. Abin da ke damuna yanzu shi ne oga. Mayar da kuɗi ya riga ya yi wa na sama alkawari. In na cire shi daga buri me zan ce masa?

Injiniya: Ba kai kaɗai za ka cire ba. Tawaga gaba ɗaya ke tsara burin a taron, furodak ona ya kawo dalilinsa, masu ginawa su faɗi abin da za su iya ɗauka. Ka kai jimlar a matsayin shawara. Tikitin mayar da kuɗi yana iya shiga sifirin, sai dai kowa ya ji tun Litinin cewa shi ne zai fara fita in an matsu.

Tsohon Hannu: Wannan a takarda ne. Namu ogan, ranar Alhamis yake shigowa da sabon aiki, ya ce ƙarami ne, a saƙala shi. Sau uku a sifirin ɗin da ya wuce. Ran bita kuma ya buɗe allo ya ƙirga makin kiyasin ayyukan da muka gama, ya ce ya ragu daga 40 zuwa 28, me muke yi? Burin ma bai karanta ba.

Mai Gwaji: Kai ma? Namu har kwatanta makinmu yake da na wata tawaga, alhali kowace tawaga da yadda take kiyasinta. Yanzu yaran sun koyi sa 8 a aikin da ya kamata ya ci 3. Ku a wajenku wa ya fara kai masa alƙaluman nan?