Lokutan da na sa a bayanin bidiyo sun ƙi zama babi-babi a YouTube

Jama'a, a taimaka min. Na ɗora bidiyo mai tsawon minti 14 kan yadda ake jima a Katsina, daga jiƙa fata har zuwa shanya. A bayanin da ke ƙasansa na fara da taƙaitawa layi biyu, na sa "jimar fata a Katsina" tun a jimlar farko, don farkon ne kaɗai mai kallo ke gani kafin ya buɗe sauran. Sai lokutan, haka:

```
0:00 Gabatarwa
0:07 Jiƙa fata
3:45 Cire gashi
9:20 Jima da bagaruwa
12:30 Shanya
```

Lokutan sun yi shuɗi, idan na taɓa 3:45 bidiyon yana tsallakawa can. Amma layin da ke ƙasan bidiyon bai rabu gida-gida ba, sunan kowane babi kuma bai fito ba.

Na san dole a fara da 0:00, a jera aƙalla lokuta uku daga ƙarami zuwa babba, duk na cika. Na cire adireshin shafina da ke tsakanin taƙaitawar da lokutan, na mai da shi can ƙasa tare da https:// ɗinsa, ko shi ne ke kawo cikas. Na duba a waya da kwamfuta bayan kwana guda, shiru.

Abin da nake zargi shi ne gabatarwar, daƙiƙa 7 ce kawai, alhali ƙa'idar ita ce kowane babi ya kai daƙiƙa 10. To, gajartar babi ɗaya tak tana iya hana dukkan sauran fitowa?