Neman kalmar Hausa: me za mu kira "Hungeriyan metod"?

Malamin Lissafi: Assalamu alaikum jama'a. Ina rubuta wa ɗalibaina bayani da Hausa kan Hungeriyan metod, wato lissafin da ake raba ayyuka ga ma'aikata, kowa aiki ɗaya, yadda jimillar lokaci ko kuɗin da za a kashe za ta zama mafi ƙanƙanta. Kalma uku nake nema: sunan matsalar kanta, sunan hanyar, sai kuma sunan abin nan da ake ƙarawa in ma'aikata da ayyuka ba su yi daidai ba, wanda a aji muke ce masa domi. Matsalar dai in na ce asayimen yara sai su ɗauka aikin gida nake nufi.

Maman Ikram: Wa alaikumus salam Malam. Ai wannan jadawalin aiki ne, mu a asibiti haka muke yi, wance safe wance dare.

Malamin Lissafi: Hajiya ya yi kusa amma ba shi ba ne. Jadawali yana faɗin wa zai yi aiki yaushe, kuma mutum ɗaya yana fitowa sau da yawa. Nan kuwa mutum ɗaya aiki ɗaya, kuma akwai farashin kowane haɗi. Bari in kawo misali. Teloli uku, ɗinki uku, lambobin awoyi ne:

```
        riga  kaftani  wando
Audu      9      4       2
Bala     12      6       3
Sani     15      9       5
```

Ɗan Fagge: Wannan ai ba sai da lissafi ba Malam, a ba Audu wando tunda awa 2 ne, Bala kaftani, shi ke nan.

Injiniya Hadiza: To Ɗan Fagge ƙarasa mana, ka bar wa Sani babbar riga awa 15, jimilla 23 ke nan, kuma a wannan teburin babu rabon da ya fi shi tsada. Abin da ya sa ake buƙatar hanyar ke nan, ɗaukar mafi araha da farko yana jefa aiki mafi nauyi hannun wanda ya fi kowa jinkiri a kansa. Ga yadda ake yi. A kowane sahun kwance ka cire lambarsa mafi ƙanƙanta, Audu 2, Bala 3, Sani 5. Sannan a kowane sahun tsaye ma haka, riga 7, kaftani 2, wando ba abin cirewa. Sai ka samu:

```
Audu   0  0  0
Bala   2  1  0
Sani   3  2  0
```

Dalilin da ya sa hakan halal ne, Audu dai dole zai yi aiki ɗaya ko ma wanne ne, in ka rage awa 2 daga duk sahunsa kowane rabo ya ragu da 2 daidai, wanda ya fi kyau bai canza ba. Yanzu ka ja layuka mafi ƙaranci da za su rufe duk sifilai. Biyu sun isa, sahun Audu da sahun wando, alhali uku muke so, ma'ana Bala da Sani duk wando suke takara kuma ɗaya ne zai samu. Sai ka duba lambobin da layi bai taɓa ba, ƙaramarsu 1, ka cire ta daga dukkansu, ka ƙara ta a inda layuka biyu suka gitta juna, wanda layi ɗaya ya rufe ka ƙyale shi.

```
Audu   0  0  1
Bala   1  0  0
Sani   2  1  0
```

Sani sifili ɗaya gare shi, wando nasa ne. Bala kaftani, Audu riga. Ka koma teburin asali, 5 da 6 da 9, awa 20. Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne su ja layi uku alhali biyu sun isa, su ɗauka sun gama, alamar ita ce in sun zo rabo sai wani ya rasa sifili nasa shi kaɗai.

Ni shawarata matsalar a kira ta lissafin rabon aiki ɗaya-ɗaya, hanyar kuma dabarar sifilai, don abin da take yi ke nan.

Abbas Maraɗi: Rabon aiki ɗaya-ɗaya ya yi mini. Amma Yaya Hadiza kar a jefar da sunan ƙasar, mu nan da Faransanci muka karanta kuma a can ma sunan Hungari ne a jikinta, yaro in ya buɗe littafi ya kamata ya gane abin da aka koya masa ne. Ɗan Hungari ne ya ƙirƙiro ta ai.

Malamin Lissafi: Da ɗan gyara Malam Abbas. Ba'amurke ne, Harold Kuhn, ya fitar da ita a 1955, ya sa mata sunan ne don girmama masana biyu 'yan Hungari, Dénes Kőnig da Jenő Egerváry, da ya yi gini a kan aikinsu. James Munkres ya sake duba ta a 1957. Shi ya sa ba na son a ce hanyar 'yan Hungari kamar wata al'adarsu ce. Dabarar Hungari ta fi, na karɓi hujjarka.

Ɗan Fagge: To ni riba nake nema ba awa ba. In lambobin nan dubban nairori ne na riba sai in cire mafi girma maimakon mafi ƙanƙanta ko?

Injiniya Hadiza: Sau ɗaya kawai, tun farko. Ka ɗauki lambar da ta fi girma a duk teburin, 15, ka cire kowace lamba daga cikinta, sahun Audu ya zama 6, 11, 13, na Bala 3, 9, 12, na Sani 0, 6, 10. Kowace lamba yanzu tana nuna abin da ya kuɓuce maka ne, sai ka bi matakan ɗazu ba canji. Za ka ga Audu wando, su Bala da Sani kuwa ko ta wane ɓangare ka ba su riga da kaftani riba dubu 23 ce, amsa biyu ne kuma duk daidai. Kar dai ka haɗa jimilla daga sabon teburin, 22 za ka gani kuma ba riba ba ce.

Malamin Lissafi: Teburin abin da ya kuɓuce, na ɗauka wallahi. Saura domi. Misali tela na huɗu ya zo, Garba, 8, 5, 4, ɗinki kuma uku ne. Sai a ƙara sahun tsaye na huɗu duk sifili don tebur ya zama huɗu da huɗu. Amsar ita ce Garba riga, Audu kaftani, Bala wando, awa 15, Sani ya faɗa sahun sifilin wato ba shi da aiki. In ayyuka ne suka fi yawa sahun kwance ake ƙarawa, aikin da ya faɗa masa shi ne ba za a yi ba.

Abbas Maraɗi: Aikin bogi, ma'aikacin bogi.

Maman Ikram: A'a don Allah, ma'aikacin bogi kowa ya san wanda ake cin albashi da sunansa ne, yara za su ɗauka cuwa-cuwa ake koya musu. A ce na cike gurbi.

Injiniya Hadiza: Cike gurbi ya fi tsabta Hajiya, sai dai ina tsoron a ɗauka wani ne zai zo ya riƙe aikin da gaske, alhali aikin yana nan ba a yi ba. Ni na gaibu nake cewa. Kuma a lura sifilin nan ba dole ba ne, in barin wani aiki yana jawo cin tara, kuɗin tarar za ka rubuta a gurbinsa.

Ɗan Fagge: In kuma Audu zai iya ɗinki biyu fa, don yaron akwai hannu.

Malamin Lissafi: Sai ka rubuta sahunsa sau biyu kamar mutum biyu ne. Na rubuta rabon aiki ɗaya-ɗaya da dabarar Hungari. Cike gurbi da gaibu zan gwada su duka a aji in ga wanne yara suka fi ganewa, in wani yana da ta uku ya kawo.