Wannan bidiyon da hannu ke zane ana bayani, me za mu kira shi da Hausa?

Malama Hadiza, Agege: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan koya wa malaman makarantarmu yadda ake haɗa bidiyon darasi irin wanda hannu ke fitowa da maka yana zane a farin allo, murya tana bayani. Turawa na ce masa waitbod animeshan. Da Hausa zan yi koyarwar, kuma ba na son in yi ta cusa Turanci. Kalma uku nake nema: sunan abin kansa, sunan yadda ake daidaita gudun hannun, da sunan lokacin da kowane zane ya kamata ya fito. A takardata na rubuta "zane mai motsi", amma bai kwanta mini ba.

Bashir, Mile 12: Malama in farin allo kike nema akwai mai kawowa daga Mushin, har da maka da dasta. Ƙafa nawa kike so?

Malama Hadiza: Allo muna da shi, Malam Bashir, Allah ya saka. Suna nake nema.

Sani, Ikeja: Anti Hadiza, dole ya ƙi kwanta miki. Zane mai motsi katun ne, inda zomo ke gudu yana tsalle. A nan kuwa zanen yana nan daram inda aka ajiye shi, hannu ne kaɗai ke yawo. A manhaja irin VideoScribe ma hannun hoto ne kawai, an liƙa bakin makar a kan layin zanen yana bi, layin yana fitowa a bayansa. Shi ya sa in kin saka hoton SVG, wanda aka gina da layuka, hannun zai bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zane na gaske. In kuwa hoton waya kika saka, babu layin da zai bi, sai ya yi ta gogawa sama da ƙasa har hoton ya fito, kamar mai kankare katin waya. Ni zan ce "zanen allo".

Malam Garba, Idi-Araba: Sani ɗana, ka yi rabin hanya. Ka ce wa Bahaushe zanen allo, zayyana zai tuna, wadda ake yi wa allon mai sauka. Ita kuwa zayyana sai an gama ta ake nuna wa jama'a. Wannan naku, in na fahimta, daɗinsa a gani ana yi. Hausa tana da hanyar raɗa wa irin wannan suna, kamar faɗi-ka-mutu da dafa-duka. Ku ce "zana-mu-gani".

Ummi, Yaba: Baba wannan ya yi daɗin faɗa! Amma ina muryar? Ni da na yi nawa na farko ba zanen ne ya ba ni wahala ba, haɗa shi da magana ne. Ina cewa "gajimare", hannun bai gama rana ba.

Sani: Kin fara zane kafin murya ke nan. Murya ake fara naɗa, sannan hannu ya bi ta. Bari in ɗauki darasin naki. A ce jimlar farko ita ce "Rana tana dumama ruwan teku, sai ruwan ya zama tururi ya tashi sama", kuma da kika saurara kin ga ta ci daƙiƙa 9 har da numfashi. Abu uku ne a ciki: rana, teku, tururi. Kowane zane a VideoScribe yana da lokaci uku: Animate shi ne tsawon zanawa, Pause tsayawa bayan an gama, Transition kuma tafiyar kyamara zuwa na gaba. Ki ba rana daƙiƙa 2 na zanawa da rabi na wucewa. Teku ma haka, kin ci 5. Saura 4 na tururi ne: 2 na zana kibiyoyi, ɗaya da rabi na tsayawa, rabi na wucewa. Tsayawar nan kada ki yi rowarta, a nan ne yaro ke haɗa abin da ya ji da abin da ya gani.

Kuma ki lura, kuskuren taruwa yake yi. In kowane zane ya wuce da rabin daƙiƙa, a farko ba za ki ji komai ba, amma a zane na 20 hannu yana bayan murya da daƙiƙa 10. Don haka ni duk ƙarshen jimla nake duba agogon, ba sai ƙarshen bidiyo ba.

Ummi: To rana tawa mai fuska ce da haskoki wajen ashirin. A daƙiƙa 2 hannun kamar mai korar ƙuda.

Sani: Rage haskokin, kada ki ƙara gudu. Da'ira da layi takwas sun isa. Da zarar ido ya kasa bin bakin maka, zanen ya yi wa lokacinsa yawa.

Malama Hadiza: Wannan lissafin zan ɗauka yadda yake zuwa Asabar. To shi gudun hannun fa? Na rubuta "saurin hannu".

Malam Garba: A'a Malama, goge shi. Mai saurin hannu shi ne wanda kafin ka rufe baki ya kai maka mari. Kuma ai ba sauri ake nema ba, Sani ya ce wani wuri ma tsayawa ake yi. Abin da ke da sauri da jinkiri da tsayawa, taku ne, kamar na doki. "Takun hannu".

Sani: Baba, hannu yana taku?

Malam Garba: Agogo yana da ƙafa da kuke cewa yana tafiya?

Sani: Na sallama. Amma a shago "sifid" za mu ci gaba da cewa, gaskiya.

Bashir: Yanzu na gane. Ni da ɗana mun taɓa yi da waya, muka ɗaure ta a saman tebur yana zane a takarda. Minti takwas ya yi, muka ƙara gudu sau takwas ya dawo minti ɗaya. Sai dai inuwar kansa ta yi ta shiga, ga wutar da aka ɗauke a tsakiya, rabi fari rabi duhu. Wannan ma sunan ya hau kansa?

Sani: Ya hau, ai asalin abin ke nan, hannun gaske ake ɗauka a ƙara masa gudu. Amma kada ka ba bidiyon gudu ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Yanka shi gunduwa-gunduwa: inda yake cike launi ka tsananta gudu, inda yake rubuta kalmar da ake son a koya ka sassauta.

Ummi: Na uku fa? Ni "fallasa" ta zo mini.

Malam Garba: Subhanallahi, asirin wa za a tona? Bayyana dai. Shi kuma lokacin da ya dace, Hausa na cewa abu ya zo a kan gaɓa. "Gaɓar bayyana".

Malama Hadiza: Na karɓa, amma ina da ja a kan lissafin Sani. A aji na lura in zane ya riga maganata, yara sukan faɗi amsar su daina saurare. In ya makara kuma, suna kallon allo fari ina ta surutu. To gaɓar a ina take, lokacin da hannu ya fara, ko lokacin da ya gama?

Sani: Lokacin da aka gane abin. Da'ira kaɗai tana iya zama ƙwallo ko faranti, sai haskoki sun fara fitowa ta zama rana. Ni ina sa hannu ya fara kamar daƙiƙa ɗaya kafin kalmar, yadda tana fita daga baki siffar ta nuna kanta.

Malama Hadiza: A siffa na yarda. A lissafi ban yarda ba. In hannu ya fara rubuta 12 kafin in gama cewa "uku sau huɗu", ya ba da satar amsa. Nan sai ya janye gaba ɗaya, a bar allo shiru daƙiƙa uku.

Malam Garba: To gaɓa biyu ke nan, ku nemo wa ta biyun suna. Ni lokacin salla ya yi.

Malama Hadiza: Na rubuta takun hannu da gaɓar bayyana. Zana-mu-gani kuma zan gwada shi a bakin malamai ranar Asabar, don Ummi ta yi gaskiya, murya ba ta ciki.

Ummi: Anti, "ga zane ga bayani" fa? Ko ya yi tsawo?