Yadda muke tsara darasin shigar da ciniki a leja

Malamar da ta buɗe zancen: Assalamu alaikum. Bana ne na fara koyar da kasuwanci a babbar sakandare, kuma makon jiya na gabatar da darasin leja a karo na farko. Na yi misalai uku a allo, ɗalibai suna ɗaga kai alamar sun fahimta, amma da na ba su aikin gwaji mai ciniki goma, fiye da rabin ajin sun tsaya a ciniki na huɗu, wanda shi ne sayen kaya bashi. Ina so in sake darasin a cikin minti 80, in fara da misalai sannan aikin gwaji mai hawa-hawa. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan aiki su gaya mini yadda suke tsara nasu.

Wani malami da ya daɗe a aikin: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da ya same ki ya same ni a shekarun farko, kuma daga baya na gane cewa tsallen da ke tsakanin kallon malami yana aiki da yin aikin da hannunka ya fi ƙarfin yawancin ɗalibai. Yanzu ɗan kasuwa guda nake ɗauka da ciniki biyar kacal, in bi su har ƙarshe. Ranar 1 ga wata ya zuba jari na 50,000 tsaba. Ranar 3 ya sayi kaya na 20,000 ya biya nan take. Ranar 5 ya sayar da kaya na 12,000 aka biya shi. Ranar 8 ya karɓi kaya na 15,000 bashi daga wani dillali, ranar 12 kuma ya biya dillalin 10,000.

Kafin alli ya taɓa allo, kowane ciniki sai an yi masa tambaya biyu da babbar murya: waɗanne asusai biyu ya shafa, kuma wanne ya karɓa, wanne ya bayar? Wanda ya karɓa shi ake wa debit a hagu, wanda ya bayar a yi masa kiredit a dama. Biyun farko ni nake yi gaba ɗaya ina faɗin tunanina a fili. A na uku nakan rubuta 12,000 a hagun asusun tsabar kuɗi, in bar musu su nemo inda ɗaya rabin zai sauka. Na huɗu, wanda ya kayar da ɗalibanki, a nan nake daɗewa, domin shi ne karo na farko da kuɗi ba su motsa ba, kuma hannun ɗalibi ya riga ya saba da zuwa asusun tsaba. Nakan tambaye su ko wani abu ya fita daga aljihun ɗan kasuwar a ranar 8, kuma sai sun amsa da kansu cewa babu sannan mu buɗe wa dillali asusunsa, mu sa 15,000 a damansa. Na biyar su kaɗai suke yi.

Wata malama: Ni a wajena hawa-hawan yana cikin rabon maki ne. Ina ba da maki ɗaya ga kwanan wata, ɗaya ga sunan asusun da aka rubuta a gurbin bayani, biyu ga sanya adadin a ɓangaren da ya dace. Da na fara yin haka na lura cewa da yawa suna rubuta sunan asusun da suke ciki a gurbin bayani, maimakon sunan asusun da ɗaya rabin ya tafi.

Malamar da ta buɗe zancen: Na gode, Malama, ko da yake abin da nake nufi shi ne jera tambayoyi daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Amma zan ɗauki rabon makin, domin na ga wannan kuskuren a littattafai da dama.

Wani matashin malami: Matsalar da na fi fama da ita daga saƙon banki ta fito. Ɗalibaina sun saba ganin cewa idan kuɗi suka shiga asusun mutum, banki yana kiran abin kiredit, saboda haka da na ce kuɗin da suka shigo debit ake yi musu, sai wani ya miƙe ya ce na juya maganar. Na bayyana masa cewa saƙon daga littafin banki yake, kuma a wajen banki kuɗin ajiyarka bashi ne da kake bin sa. Tun daga nan nake cewa su haddace kawai: debit shiga, kiredit fita, kuma wannan ya wadatar.

Malamin da ya daɗe a aikin: Bayaninka na banki daidai ne, Malam, amma haddar tana aiki ne a asusun tsaba da na kadara, kuma takan watse a asusun jari, inda ɗalibi zai ce ai jari shigowa ya yi, ya sa shi a hagu. Shi ya sa na fi son tambayar wa ya bayar, domin mai kasuwar ne ya bayar.

Game da jerin aikin gwaji, Malama, mataki uku nake yi. A na farko asusan suna zane da sunayensu, ciniki huɗu duk na tsaba. A na biyu su za su zana asusan, kuma akwai saye da sayarwa na bashi. A na uku ne nake shigar da biyan haya da kuɗin da mai kasuwa ya ɗiba don buƙatar kansa, tare da rufe asusu. Kowane mataki da sabon abin da yake ƙarawa, kuma ba na barin kowa ya hau na gaba sai na duba na baya. A misalin allo, hagun asusun tsaba 62,000 ne, dama 30,000, saura 32,000 wanda ake rubuta wa Balance c/d a dama, a sauko da shi hagu a matsayin Balance b/d. Idan an tattara abin da ya saura a kowane asusu, 32,000 na tsaba da 35,000 na sayayya sun ba da 67,000 a hagu, haka ma 50,000 na jari da 12,000 na sayarwa da 5,000 na dillali a dama. Wanda ya samu 87,000 a dama, ba sai na karanta aikinsa duka ba: bambancin 20,000 ne, rabinsa 10,000, wato biyan ranar 12 ya sa a daman dillali maimakon hagu.

Malamar da ta yi maganar maki: Sai dai a kula, Malam, daidaituwar jimla ba shaida ba ce. Na taɓa samun ɗaliba da ta juya kowane ciniki, hagu a dama, dama a hagu, jimlarta ta daidaita tsaf, kuma ƙawarta da ta duba mata ta ba ta cikakken maki. Kuma ni ban yarda rufe asusu ya shiga darasi ɗaya da shigarwa ba. Duk lokacin da na gwada, ƙararrawa ta tarar da mu a mataki na biyu.

Malamin da ya daɗe a aikin: A aji mai yawa nakan sha irin wannan. Duk da haka ina barin mataki na uku a takardar saboda masu sauri.

Malamar da ta buɗe zancen: Ajina yana da yawa, don haka zan ware minti 30 ga misalin allo, minti 40 ga mataki na ɗaya da na biyu, sauran goman kuma mu gyara ciniki na bashi tare. Ban yanke shawara kan rufe asusu ba tukuna. Zan ga inda suka kai a mataki na biyu.