Jini a Maniyyi Sau Ɗaya

Wani saurayi a Sakkwato, ɗan shekara 24, ya ga maniyyinsa ya yi ja sau ɗaya, ba ciwo. Ya tsorata, kuma ban ga laifinsa ba.

Ma'aikatan lafiya da muka tattauna da su sun ce ga wanda bai kai 40 ba, yawanci 'yar jijiyar jini ce ta fashe ko ɗan kumburi, yakan wuce da kansa. Launin ruwan ƙasa-ƙasa daga baya tsohon jini ne.

Amma sun tambaye shi ko yana wanka a gulbin Rima, domin tsargiya na kawo haka, kuma gwajin fitsari ke gano ta. In jinin ya yi ta dawowa, ko akwai zazzaɓi, zafin fitsari, jini a fitsari, ko ƙullutu a maraina, ya tafi asibiti, kada ya tsaya sayen magani a kemis.