Takardar da zan manna wa yaran shago kan kayan da suka lalace

Mai kanti a Sabon Gari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta wa yaran shagona takarda kan yadda za su gane kayan da ya lalace ko wa'adinsa ya ƙare tun yana kan kanta. Abin da na rubuta zuwa yanzu shi ne, duk ranar Asabar da safe a sauke layi ɗaya gaba ɗaya, a goge ƙura, a duba kwanan wata, sabon kaya ya koma baya, tsoho ya dawo gaba. Me kuka gani a wajenku da ya kamata in ƙara?

Baban Ummi, Kasuwar Singa: Wa alaikumus salam Alhaji. Gyara ɗaya tukuna: kada ka ce tsoho a gaba, ka ce wanda wa'adinsa ya fi kusa ƙarewa. Sau da yawa katon ɗin da aka sauke yau ya daɗe a sito wajen dila, har ya fi na kan kantarka kusa da ƙarewa.

A gwangwani kuwa, tumatir ne ko madara ko kifi, yaro ya ɗora babban yatsa a kan murfi da gindi ya danna. Lafiyayye a shafe yake, ba ya motsi. In ya tasa, ko ka danna ya shiga ya dawo da ƙara, iska ta taru a ciki, ko dai ƙwayoyin cuta ne ko tsamin tumatir ya ci ƙarfen. Wannan ba a rage masa kuɗi, ba a ba almajiri, ba a ɗanɗanawa, ko da saura shekara a wa'adinsa. Tsatsar da tsumma ya goge ta fita ba komai, amma wadda ta ci ta bar rami a cire. Katon da ka ga tabon jiƙa a gindinsa, a zazzage shi duka, akwai mai yoyo a ciki.

Ɗan Tireda: Loɓawa dai ba matsala ba ce, wajen lodi ake samunta. Muddin bai huje ba ana sayarwa lafiya lau.

Baban Ummi, Kasuwar Singa: Ya danganta da wajen da ya loɓa, ɗan uwa. In a ciki ne, marar zurfi, babu kaifi, na yarda. In a bakin murfi ne inda aka naɗe ƙarfen, ko a kan ɗinkin gefe, nan ne hatimin yake, kuma iska na shiga ta ƙofar da ido ba ya gani.

Hajiya mai kantin unguwa: Alhaji ka rubuta musu haruffan ƙuru-ƙuru, don nan yara ke ruɗewa. `MFD` ranar da aka yi kayan ce, `EXP` ranar ƙarewa, `BB` kuma ranar da ingancinsa ke fara raguwa. Yaro kan ga `MFD` ta bara ya ce kaya ya mutu, alhali lafiyarsa ƙalau. Sannan su haɗa kwanan da ke jikin katon da na jikin kayan, har da lambar rukuni. In sun saɓa, ko wajen rubutun ya yi dishi-dishi kamar an goge, ko an liƙa takarda a kai, a ajiye gefe a kira ka. Lambar NAFDAC ma a duba.

Ni abin da ya fi cin kuɗi a ganina lissafi ne. A ce katon madara mai gwangwani 48, kana sayar da 6 a mako, sai mako 8 zai ƙare. In saura mako 6 a wa'adinsa, 36 za ka sayar, 12 su mutu a hannunka. Don haka duk abin da ya rage masa wata uku a sa masa jan maka a shigar a littafi, tun dila zai iya karɓar canji.

Abu Yasir: Dilan da nake saye wajensa ba ya karɓar canji ko kaɗan. Akwai wanda ya san mai karɓa?

Mai kanti a Sabon Gari: Malam wannan sai an yi yarjejeniya tun ranar saye. Kayan leda fa, me za a duba?

Malam na Tudun Wada: Taliya a ɗaga ledar a haske. In ka ga gari ya taru a ƙasa ko ƙananan huji a jikin silin, ƙwari sun shiga, kuma za su bi maƙwabtanta. Madarar gari a murza ta, in ta dunƙule danshi ya shiga. Tumatirin leda in ya kumbura kamar filo a cire. Biskit a matsa a hankali, in iska ta fice ledar ta huje. Kada a jera shi kusa da sabulu da garin wanki, yana ɗaukar ƙamshin. Da damina katon ya hau katako, a janye shi daga bango saboda danshi da gara. Wanda `BB` ɗinsa ya wuce da 'yan kwanaki kuwa, in biskit ne ana iya karya farashi a gaya wa mai saye.

Hajiya mai kantin unguwa: Nan ban bi ka ba Malam. Yaro ba zai bambance biskit da madarar jarirai ba ranar da kasuwa ta cika. A takardar a rubuta duk kwanan da ya wuce a sauke, a sa a kwalin da aka rubuta wa "ba na sayarwa ba", mai shago kaɗai ke taɓa shi.

Malam na Tudun Wada: A takarda na yarda, Hajiya. Amma biskit ɗin da ke cikin kwalin nan, ni dai ba zan zubar ba.