Neman kalmar Hausa: me za mu kira silash kod da inbashan?

Mai Fiyano, Zoo Road:
Assalamu alaikum. Ina da yara da nake koya wa fiyano a sutudiyo, kuma in muka zo kan irin C/E da G/B sai baki ya ɗaure, don ba ni da kalmar Hausa da zan kira su. Ga inda buƙatar ta taso. Waƙoƙinmu da yawa kod huɗu ne ke ta zagayawa, C, G, Am, F. In bes ya tsaya kan asalin kowane kod, zai riƙa tsalle ne daga C zuwa G, ya taka A, ya faɗo F. Ni kuwa so nake ya yi tafiya taki ɗaya-ɗaya, sai in buga haka:

```
C   G/B   Am   Am/G   F   C/E   Dm   G
```

Bes ɗin ya zama C, B, A, G, F, E, D, kamar mai saukowa daga bene. Na san na ƙara Dm a ƙarshe don tafiyar ta kai. Ni shawarata mu ce "juyi" ga inbashan, mu ce "sauya gindi" ga silash kod. Me kuka gani?

Ɗan Kurna:
Wa alaikumus salam Maigida. Ni fa da na ɗauka C/E na nufin ka zaɓi ɗaya, ko ka buga C ko ka buga E. Ko kuwa hannun dama C, hannun hagu kod ɗin E gaba ɗaya?

Malamar Kwaya, Sabon Gari:
A'a ƙanena, duk biyun ba haka ba ne. Harafin hagu shi ne kod, na dama kuwa sauti ɗaya ne tak, wanda zai zauna a can ƙasa. Hannun dama ya riƙe C, E, G, hannun hagu ya danna E kaɗai. In ka danna kod ɗin E cikakke ka shigo da G# da B, G# ɗin kuma zai yi karo da G na hannun dama, kunnenka ma zai gaya maka. Malam, "juyi" ta yi mini. Amma "gindi" ba zan iya faɗinta gaban 'yan matan da nake koya wa ba, ka san inda hankalin yara zai tafi. Ni "tushe" nake cewa.

Mai Jita:
To ai ni ban ga dalilin kalma biyu ba. Silash kod da inbashan abu ɗaya ne, ɗaya yadda ake rubutawa, ɗaya yadda ake bugawa. G/B ai G ne aka juya, B ya koma ƙasa. A ce "juyi" kawai a huta.

Tsohon Makaɗi, Fagge:
Ɗana, a kan G/B ka yi daidai, amma ba ko'ina ba. G yana da G, B, D. In B ya koma ƙasa, ɗan gida ne ya sauko, wannan juyi ne na ɗaya. In D ne a ƙasa, G/D, juyi na biyu ke nan. Yanzu dubi C/D ko F/G. D ba ya cikin C, E, G, haka G ba ya cikin F, A, C. Babu abin da aka juya a nan, wani sauti aka ɗauko daga waje aka ajiye a ƙasa. Saboda haka kowane juyi ana iya rubuta shi da wannan karkatacciyar sandar, amma ba duk mai sanda ne juyi ba.

Hajiya, "tushe" kalma ce mai kyau, sai dai mu bar wa asalin kod, wato sautin da kod ya ci sunansa. A C/E tushe yana nan C bai motsa ba, abin da ya canza shi ne wanda ke ƙasa. In muka kira su biyun da suna ɗaya, yaro zai ɗauka C/E ya zama kod ɗin E, mu koma tambayar Ɗan Kurna. Ni zan ce "kod mai sanda" ga rubutun, "juyi" in na ƙasan ɗan gida ne, "baƙon ƙasa" in daga waje ya zo.

Kuma Malam, ba sai ka ƙara Dm ba. Kod huɗun nan naka sun isa, in ka yarda bes ya hau a zagaye na farko ya sauko a na biyu:

```
C     G/D   Am/E   F
C/E   G/D   Am/C   F/C
```

Bes: C, D, E, F, sannan E, D, C, C. Babu baƙo ko ɗaya a ciki. Sai dai ka lura da juyi na biyu, ba ya zama da ƙafarsa sosai. G/D yana daɗi ne don yana tsakanin C da E, wucewa yake yi. Am/E ya fi shi rauni, in waƙar mai jan lokaci ce za ka ji kamar kiɗan yana rataye. Kada ka rufe baiti a kansa.

Mai Fiyano, Zoo Road:
Na gode Baba, na gwada yanzu. Zagaye na biyun ya fi zama a kunnena. Na janye "gindi", Hajiya ta yi gaskiya.

Ɗan Kurna:
Ni ma na gwada a PSR ɗina da kiɗan da ke bin hannu da kansa. Na danna B, D, G da hagu, amma bes ɗin na'urar G yake ta bugawa. Ko fiyanon ne ya lalace?

Tsohon Makaɗi, Fagge:
Lafiyarsa ƙalau. In kana kan Fingered, na'urar tana gane kod ɗin ne ta ba bes tushensa, ko yaya ka jera yatsunka. Ka nemi Fingered On Bass in samfurinka yana da shi, a nan ne bes ke bin sautin da ya fi ƙasa cikin waɗanda ka danna.

Malamar Kwaya, Sabon Gari:
Irin wannan matsalar tana faruwa ko da mutane ne ke kiɗan. Mai jitar bes ya buga B kamar yadda aka rubuta, mai fiyano kuma hannunsa na hagu ya saba, ya danna G can ƙasa da shi. Sai juyin ya ɓace, ƙasan kiɗan ya dagule, kowa ya ɗora wa sifika laifi. Yadda nake ganewa, in sa kowa ya yi shiru sai su biyun. In akwai mai bes, hannun hagu ya hau sama ko ya bar masa wurin. Sannan a juyi na ɗaya nakan ce wa mai fiyano ya rage nanata sautin da bes ya riga ya ɗauka. A G/B, G da D a hannun dama sun wadatar, ya fi fita fes.

Amma Baba, "baƙon ƙasa" in aka ji ta a waje sai a ɗauka mutumin wata ƙasa ake nufi. Me zai hana mu ce "baƙon bes"?

Tsohon Makaɗi, Fagge:
Na karɓa, ta ma fi sauƙin faɗa.

Mai Jita:
Na yarda kalma ɗaya ba ta isa ba. To amma Baba, Am/G da ke cikin jerin Malam fa? G ba ya cikin A, C, E, kenan baƙo ne. In kuma ka haɗa su huɗun, A, C, E, G, ai Am7 ne da na bakwai ɗinsa a ƙasa, kenan juyi na uku. Wanne za a gaya wa yaro?

Tsohon Makaɗi, Fagge:
Ni kunne nake bi. In G ɗin bugu ɗaya ya yi a hanyarsa daga A zuwa F, baƙo ne mai wucewa. In ya zauna tsawon kod ɗin, zan ce Am7 ne a juye.

Malamar Kwaya, Sabon Gari:
Ni a nan ban bi ka ba, Baba. Mai koyo yana buƙatar doka da zai duba da ido: na ƙasan yana cikin kod ɗin da aka rubuta a hagun sanda ko ba ya ciki? Am aka rubuta, don haka G baƙo ne ko ya daɗe. Malam, kai da kake da yaran, ka buga musu Am/G gajere da dogo gobe, ka ji wanne suna za su ba shi.